Ƙarfin Ruwan Sukari Bisa Rabon Nauyi: Nazari a Kan Zoɓo, Alkaki da Alewa a Tudun Jukun, Zariya

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ake auna ƙarfin ruwan sukari a sana'ar abin sha da kayan zaƙi ta cikin gida, inda aka ɗauki yanayin Tudun Jukun a Zariya a matsayin fagen misali. Hujjar da aka kafa ita ce, adadin da ke yanke hukunci a kan ɗanɗano da kauri da daɗewar ruwan sukari shi ne kason sukari a cikin jimillar nauyi, kuma awon gwangwani ba ya riƙe wannan adadi a wuri ɗaya. An kuma nuna cewa rabon da aka fara da shi ne ke aiki a abin sha, amma a alewa rabon da aka sauke tukunya a kansa ne ke aiki.

1.0 Gabatarwa

A Tudun Jukun, kamar sauran unguwannin Zariya, sarrafa sukari sana'a ce da mata da yawa ke yi daga cikin gida. Akwai zoɓo da lemon citta da ruwan tsamiya da ake ɗurawa a gorunan roba, kasuwarsu ta fi ci a bazara da watan azumi. Akwai alkaki da dubulan da ake yi domin garar amarya. Akwai kuma alewa da kantun riɗi da yara ke talla. Dukkan waɗannan suna farawa da abu ɗaya, wato sukari da ruwa a cikin tukunya, kuma kusan dukkansu da gwangwani ko mudu ake auna su.

Matsalolin da masu sana'ar ke kuka da su sanannu ne. Zoɓon yau ya fi na jiya zaƙi alhali awo ɗaya aka yi. Ruwan sukarin da aka ajiye ya yi fumfuna a sama, ko kuma ya koma ƙwaya a gindin kwalba. Alkaki ya yi laɓo-laɓo, ko ya yi fari fat kamar an barbaɗa masa gari. Alewar da ta yi kyau a hunturu ta narke a leda da damina. Manufar maƙalar ita ce ta nuna cewa waɗannan matsaloli huɗu suna komawa ga lissafi ɗaya, sannan ta tsara lissafin da kayan awon da ake iya samu a unguwa.

2.0 Bitar Ra'ayoyin da Suka Gabata

Ana iya kasa abin da aka gada a kan wannan batu gida uku.

Na farko shi ne na masana'antar sukari da giya a Turai. A ƙarni na 19, Karl Balling ya tsara jadawalin da ke danganta nauyin ruwan sukari da yawan sukarin da ke cikinsa, daga baya Adolf Brix (1798–1870) ya gyara jadawalin. Daga sunansa aka samo ma'aunin Birikis da masana'antun lemon kwalba ke aiki da shi har yau. Digiri ɗaya na Birikis yana nufin giram ɗaya na sukari a cikin giram 100 na haɗin gaba ɗaya, ba a cikin giram 100 na ruwa ba. Wannan bambanci shi ne inda aka fi samun kuskure.

Na biyu shi ne na masu haɗa magunguna. Kundin magunguna na Birtaniya ya tsayar da ruwan sukarin da ake haɗa magungunan sha da shi a kan kashi 66.7 cikin ɗari bisa nauyi. Kundin Amurka kuwa ya ce a narka giram 850 na sukari a cika shi da ruwa zuwa lita ɗaya, wanda in aka mayar da shi nauyi ya kama kusan kashi 65. Ba domin zaƙi aka zaɓi waɗannan adadi ba, sai domin a wannan ƙarfi ruwan sukari yana kare kansa daga yawancin ƙwayoyin da ke ɓata abinci.

Na uku shi ne ilimin masu girki, wanda littafin Harold McGee na 1984 a kan kimiyyar girki ya yi wa bayani mai faɗi, kuma wanda matan Hausa ke da nasu kason a cikinsa tun kafin littattafai. Mai alkaki takan ɗiga ruwan sukari tsakanin yatsu biyu ta ga ko ya yi zare. Mai alewa takan ɗiga shi a ruwan sanyi ta ga ko ya dunƙule ko ya karye. Wannan gwaji ingantacce ne, kuma maƙalar ba ta nemi a yar da shi ba. Rauninsa shi ne ba ya aiki a ƙasa da kashi 75 ko makamancin haka, wato a duk faɗin yankin da abin sha da ruwan ajiya suke. Sannan jadawalin zafin da ke cikin littattafan girki an gina shi a kan garuruwan da ke daidai da gaɓar teku, Zariya kuwa tana kan tudu.

3.0 Hanyar Nazari

Nazarin na lissafi ne. An ɗauki tabbatattun adadi na narkewar sukari da nauyin ruwansa da zafin tafasarsa, aka ɗora su a kan kayan aikin gida da yanayin Zariya. Da kalmar sukari ana nufin farin sukarin buhu, wanda kusan dukkansa sinadarin sukuros ne. Rabon nauyi yana nufin nauyin sukari a kan nauyin ruwa, sukari ne ake fara ambata, saboda haka 2:1 shi ne kilo biyu na sukari da kilo ɗaya na ruwa. Ƙarfi kuwa shi ne kason sukari a cikin ɗari na jimillar nauyi:

```
ƙarfi = sukari ÷ (sukari + ruwa) × 100
```

Kayan awo biyu aka dogara a kansu. Na farko ƙaramin sikelin kicin mai auna giram. Na biyu ruwan leda mai santilita 50, domin lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka leda guda giram 500 ce ko kusa da haka. Wadda ta sayi sukarin da aka auna mata a sikeli a shago za ta iya haɗa 1:1 da kilo ɗaya da leda biyu, ta haɗa 2:1 da kilo ɗaya da leda ɗaya, ba tare da ta mallaki sikeli ba.

4.0 Nazari

4.1 Abin da gwangwani ke ɓoyewa

Sukarin buhu ƙwayoyi ne, akwai iska a tsakaninsu. Gwangwanin da ke cin giram 100 na ruwa yana cin kimanin giram 85 na sukari in an shafe bakinsa. Saboda haka “ɗaya da ɗaya” na gwangwani ba kashi 50 ba ne, 85 ne a kan 185, wato kashi 46. “Biyu da ɗaya” kuma 170 ne a kan 270, wato kashi 63.

Da a ce giɓin tsayayye ne, da sai a gyara shi sau ɗaya a huta. Amma ruwa ba ya yin tozo, sukari kuwa yana yi. In tozon ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar na abin da gwangwani ke ci, giram 85 ya koma 102, sai “biyu da ɗaya” ya zama 204 a kan 304, wato kashi 67. Mace ɗaya, da gwangwani ɗaya, da kalmar awo ɗaya, za ta iya samun kashi 63 yau ta sami 67 gobe. Girman ƙwayar sukari da laimar da ya sha a buhu suna ƙara nasu bambancin. Tazarar maki huɗu ba ta da yawa a ido, amma kamar yadda za a gani a sashe na gaba, a daidai wannan tazara ce iyakar narkewar sukari ta faɗo.

Akwai kuskure na biyu da ya shafi yawan abin da aka samu. Kilo ɗaya na sukari in ya narke yana cin wurin kimanin mililita 620 ne kawai. Kilo ɗaya da lita ɗaya suna ba da kusan lita 1.62, kilo biyu da lita ɗaya kuma suna ba da kusan lita 2.25. Daga nan ake samun adadi biyu masu amfani a aiki: kowace lita ta ruwan sukari na 1:1 tana ɗauke da kimanin giram 615 na sukari, ta 2:1 kuma kimanin giram 890. Wanda ya ɗauka cewa 2:1 ya ninka 1:1 a zaƙi ya yi kuskure, domin ludayi da ludayi bambancin bai kai rabi ba, kusan kashi 45 ne cikin ɗari.

4.2 Iyakar ƙoshi da daɗewar ajiya

Ruwa yana da iyakar sukarin da zai iya narkarwa, kuma iyakar tana tafiya da zafi. A digiri 20 na ma'aunin Salshiyos, giram 100 na ruwa yana ɗaukar kimanin giram 204 na sukari, wato ƙarfin kashi 67. A digiri 30 yana ɗaukar kimanin 219. A digiri 10 abin yana sauka zuwa kimanin 190, wato ƙasa da kashi 66 kaɗan. A tafasa kuwa yana kaiwa kusan 487. Wannan iyaka ita maƙalar ke kira ƙoshi. Duk sukarin da ya haura ƙoshi zai nemi fita daga ruwan ya koma ƙwaya da zarar ya sami abin da zai kama, ko da ƙwayar sukari ɗaya ce da ta maƙale a bakin kwalba.

Rabon 2:1 yana ba da kashi 66.7, wato yana zaune a bakin iyaka. A ɗakin Zariya cikin Maris da Afrilu ba shi da matsala. A daren hunturu na Disamba da Janairu, ko a cikin firji, yana iya ɗara ƙoshi, sai a wayi gari da ƙwaya a gindin kwalba. Abin da ya fi haka faruwa shi ne asarar ruwa a kan wuta. In aka ɗora kilo biyu na sukari da kilo ɗaya na ruwa aka bar su suna tafasa a buɗe har giram 200 ya tafi da tururi, lissafin ya koma 2000 a kan 2800, wato kashi 71. Wannan ya haura ƙoshi ko a zafin bazara. Maganin abin mai sauƙi ne: a ɗumama har sukari ya narke, a bari ya tafaso na ɗan lokaci da murfi, a sauke, a auna tukunya da abin da ke ciki, a mayar da abin da ya ragu da tafasasshen ruwa. A ra'ayin wannan maƙala, kashi 65 ya fi 66.7 dacewa da ruwan ajiya a Zariya, domin yana jure sanyin hunturu. Ana samun sa da giram 1860 na sukari a lita ɗaya ta ruwa.

Dalilin da ya sa ake matsawa kusa da iyaka duk da haɗarin komawa ƙwaya shi ne ajiya. Ƙwayoyin cuta da yis da fumfuna ba da jimillar ruwa suke rayuwa ba, da ruwan da sukari bai riƙe ba suke rayuwa. Masana suna auna wannan sakakken ruwa a kan ma'aunin da ya fara daga sifili ya tsaya a ɗaya, inda tsantsar ruwa yake a kan ɗaya. Ruwan sukari na kashi 50 yana wajen 0.93, wanda ya ƙoshi kuma yana wajen 0.86. Yawancin bakteriya suna bukatar sama da 0.90, yawancin yis sama da 0.88, yawancin fumfuna kuwa suna iya sauka har 0.80. Ma'anar wannan ita ce 1:1 ba abin ajiya ba ne a unguwar da wutar lantarki ba ta tsayawa. A yi shi a yi amfani da shi cikin 'yan kwanaki. Na kashi 65 yana daɗewa sosai, amma bai fi ƙarfin fumfuna ba, kuma akwai nau'in yis masu jure sukari da kan iya rayuwa a cikinsa.

Hanyar da fumfuna ya fi shiga ta cancanci a tsaya a kanta. In aka ɗura ruwan sukari da zafinsa aka rufe, tururi yana taruwa a murfi ya ɗigo ya kwanta a sama. Wannan siririn ruwa na sama ƙarfinsa ya yi ƙasa da na sauran kwalbar nesa ba kusa ba, kuma a kansa fumfuna ke kama. Haka ma cokali mai jiƙe ko kwalbar da ba ta bushe ba. Saboda haka a ɗura a busasshiyar kwalba, a cika ta, a girgiza bayan ya huce domin ɗigon ya gauraye. Alamar lalacewa ita ce kumfa, ko warin tsami, ko gorar da ta kumbura.

4.3 Misali: lita ashirin na zoɓo

A abin sha ba a ƙone ruwa bayan an zuba sukari, saboda haka abin da aka zuba shi za a sha. A ɗauka mai sana'a tana son lita 20 na zoɓo mai giram 10 na sukari a kowace mililita 100, wanda ya yi kusa da zaƙin yawancin lemon kwalba. Jimillar sukarin da take bukata giram 2000 ne.

In da ruwan sukari na 2:1 za ta yi aiki, kilo biyu na sukari da leda biyu na ruwa za su ba ta kilo uku, wato kusan lita 2.25. Sai ta tace ruwan zoɓonta ya zama lita 17.75, ta zuba, ya cika ashirin. In na 1:1 ne, tana bukatar kilo huɗu, wato kusan lita 3.25, ruwan zoɓon kuma ya tsaya a 16.75. A wannan hali dole ta dafa zoɓon ya fi ƙarfi, domin ruwan da ya shigo tare da sukari zai rage masa launi da tsami. Wannan ne dalili na biyu, bayan daɗewar ajiya, da ya sa mai ƙarfin ya fi dacewa da sana'a.

Yanzu a ɗauka ta saba zuba lita 2.25, amma yau 'yarta ce ta haɗa ruwan sukarin ta yi shi 1:1. Sukarin da ya shiga zai zama giram 1380 ko kusa, wato giram 7 a mililita 100 maimakon 10. Mai saye zai ji bambancin a kurɓin farko. Ƙanƙara ma ruwa ce: in aka jefa kilo biyu a cikin lita ashirin ɗin suka narke, giram 10 ya sauka zuwa 9. Shi ya sa sanyaya gora daga waje ya fi jefa ƙanƙara a ciki, ko don tsabta ma.

Ana iya tambayar dalilin wahalar narkarwa tun da ana iya zuba sukarin kai tsaye. A ruwan sanyi sukari yana jinkirin narkewa ya kwanta a gindin bokiti, sai gorunan farko su yi lami na ƙarshe su yi zaƙi. Ruwan sukari yana gauraya nan take, kuma ya riga ya tafasa. Sai dai a lura cewa sukarin da ke cikin zoɓo ba ya kare shi daga lalacewa ko kaɗan. A kashi goma, abinci ne ga yis. Tsamin zoɓo da sanyi ne ke ɗan riƙe shi.

Lissafin yana da fuskar jari da ta lafiya. Buhu mai kilo 50 yana yin irin wannan haɗi sau 25 a kan giram 10, amma a kan giram 8 yana yin sa sau 31. Sannan gora mai santilita 50 a kan giram 10 tana ɗauke da giram 50 na sukari. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi goma cikin ɗari na kuzarin abincin yini, wanda ga babban mutum ya kama kimanin giram 50. Gora ɗaya ke nan ta cinye kason yini. Harajin naira goma a kowace lita da Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora a kan lemuka masu zaƙi a Nijeriya ya shafi masana'antu ne, bai isa bokitin cikin gida ba. Wadda ke auna nauyi ce kaɗai za ta iya rage zaƙi da giram ɗaya-ɗaya a hankali har masu saye su saba.

4.4 Ruwan alkaki da dubulan

Alkaki da dubulan suna tsakanin abin sha da alewa. Ana son ruwan sukari ya shiga cikin soyayyen ƙullun, amma kada ya jiƙa shi, kuma kada ya bushe ya yi fari. Abin da ke iko da shigar shi ne kauri, kauri kuwa ba ya hawa daidai da ƙarfi. A digiri 20, ruwan sukari na kashi 50 ya fi ruwa kauri kusan sau 15, na kashi 60 kusan sau 60, na kashi 70 kuwa ya kusa sau 500. Zafi yana sauke wannan kauri ƙwarai, shi ya sa ake tsoma alkaki a ruwan sukari mai ɗumi: yana shiga da sauƙi, in ya huce ya kama.

In ƙarfin ya tsaya a kashi 50 zuwa 55, ruwan da ke ciki ya yi yawa, alkaki ya yi laushi, kuma ba zai kai kwanakin da ake son kayan gara su kai ba. In ya haura 75, yana tsayawa a baya, cikin ya zauna a bushe, bayan ya yi fari. Bisa lissafin kauri da na sakakken ruwa, maƙalar tana ba da shawarar a nufi wajen kashi 70. Hanyar ita ce a zuba kilo ɗaya na sukari da giram 600 na ruwa, a tafasa har nauyin abin da ke cikin tukunya ya koma giram 1430.

Kashi 70 ya haura ƙoshi, to me zai hana shi komawa ƙwaya? Amsar tana cikin abin da masu alkaki suka daɗe suna yi, wato matsa lemon tsami ko zuba ruwan tsamiya. Tsami da zafi suna raba sukuros gida biyu, gulukos da furuktos. Wannan rababben sukari yana shiga tsakanin sukuros ya hana shi jeruwa ya zama ƙwaya, kuma haɗin ya fi sukuros zalla narkewa. Amma rabewar tana ci gaba muddin tukunya na kan wuta, kuma furuktos yana jan laima daga iska. Tsami mai yawa da doguwar tafasa suna ba da alkakin da ke naso yana ɗigar ruwa da damina. Tsamin da ya yi daidai a Agusta zai iya yin kaɗan a Janairu, lokacin da busasshiyar iska ke zuƙe ruwan da ke bayan alkaki ta tura shi ga yin fari.

4.5 Alewa da tudun Zariya

A alewa rabon farko ba ya yanke komai game da taurin ƙarshe. Ko da 1:1 aka fara ko da 3:1, ruwa zai ƙone har a kai inda aka sauke. Abin da rabon farko ke canzawa shi ne lokaci da gawayi. Alewa mai karyewa tana da ƙarfin kusan kashi 99, wato a kilo ɗaya na sukari ruwan da ya rage bai wuce giram 10 ba. Wadda ta fara da lita ɗaya sai ta ƙone giram 990. Wadda ta fara da giram 300 za ta ƙone 290 ne kawai, kuma 300 ya isa, tun da a tafasa giram 205 ma yana narkar da kilo. Ƙarin lokacin ba gawayi kaɗai yake ci ba, yana ƙara rabewar sukari ya kuma duhunta launi.

Da yake sikeli ba ya iya bin tukunya mai zafi irin wannan, zafin tafasa ne ke zama ma'aunin ƙarfi, domin yana hawa yayin da ruwa ke raguwa. A gaɓar teku, digiri 112 zuwa 116 yana nuna kusan kashi 85, inda ɗigo ke dunƙulewa da laushi a ruwan sanyi. Digiri 121 zuwa 130 yana nuna kashi 90 da 'yan kai, inda dunƙulen ke da tauri amma yana lanƙwasa. Digiri 146 zuwa 154 shi ne matakin karyewa. Daga 160 sukarin kansa ya fara ƙonewa ya yi ja.

Zariya tana sama da gaɓar teku da fiye da mita 600, kuma zafin tafasar ruwa yana sauka da kusan digiri ɗaya a kowace mita 300. Ruwa a Tudun Jukun yana tafasa ne a wajen digiri 98. Saboda haka duk adadin da aka karanta a littafin da aka rubuta domin Legas ko Landan sai a cire masa biyu: matakin laushi ya zama 110 zuwa 114, na karyewa 144 zuwa 152. A matakin karyewa digiri biyu ba su cika yin ɓarna ba. A matakin laushi kuwa faɗin matakin duka digiri huɗu ne, don haka wadda ta jira 116 a Zariya ta riga ta tsallake zuwa mataki na gaba, kayanta za su fi yadda take so tauri. Hanya mafi aminci ita ce a tsoma ma'aunin zafi a tafasasshen ruwa a ranar aiki, a ga nawa ya gaza ɗari, a cire wannan adadi. Hakan yana gyara tudun gari da kuskuren ma'aunin a lokaci ɗaya. Gwajin ruwan sanyi ba ya bukatar wannan gyara, domin ƙarfin kansa yake gwadawa.

Narkewar alewa da damina ba daga kuskuren awo take ba a kowane lokaci. Alewa mai karyewa sukari ne da ya daskare ba tare da ya jeru ba, kuma a wannan siffa yana shan laimar iska da sauri. A sauke ta a saman matakinta, a rage tsami, a ƙulle ta a leda da zarar ta huce.

4.6 Mazarƙwaila da zuma

Duk lissafin da ya gabata na farin sukari ne. Mazarƙwailar da ake kawowa kasuwannin Zariya daga yankunan rake irin su Maƙarfi ba sukuros zalla ba ce. Tana ɗauke da sauran ruwa da rababben sukari da gishirin ma'adinai, kuma yawansu yana bambanta daga curi zuwa curi. Rabon 2:1 da mazarƙwaila zai ba da ƙarfin da ya gaza 66, ba zai yi saurin komawa ƙwaya ba, amma zai fi saurin lalacewa, kuma alewarta ta fi jan laima. Zuma kuwa tana zuwa da ruwanta, kimanin kashi 17 zuwa 18 cikin ɗari, mafi yawan sauran gulukos da furuktos ne. Mai son sauke zuma zuwa ƙarfin ruwan alkaki na kashi 70 za ta ƙara kimanin giram 170 na ruwa a kowane kilo, ta ɗumama kawai ba tare da doguwar tafasa ba.

A irin waɗannan kaya da ba a san ainihin sukarinsu ba, rifiraktomita ta hannu ce ke raba gardama. Ana ɗiga ɗigo ɗaya a gilashinta a karanta digirin Birikis. Sai dai tana karanta duk abin da ya narke a ruwan, har da tsamin zoɓo, saboda haka a zoɓo a karanta kafin a zuba sukari a sake karantawa bayan an zuba, bambancin shi ne kusan sukarin da aka ƙara. Na'urar da ke tsayawa a digiri 32 ta isa abin sha, ruwan alkaki da na ajiya kuwa sai wadda ke kaiwa 80 ko 90.